Kafin ki rubuta wa likita cewa jaririnki ba ya barci

Wata shida lokaci ne da uwaye da yawa ke ɗaukar biro ko waya su rubuta wa likitan yara, kuma kusan duk saƙonnin da magana ɗaya suke farawa: "Likita, yaron nan ba ya barci ko kaɗan." Maganar gaskiya ce a bakin macen da ta kwana tana tashi, amma likita ba abin da zai iya yi da ita. Bai san ƙarfe nawa aka kwantar da yaron ba, bai san sau nawa ya farka ba, bai san me ake yi masa ya koma ba. Shi ya sa amsar da ke dawowa takan zama "ki kawo shi mu gani", ko kuma "haka yara suke".

Abin da zai canja wannan amsa shi ne rubutu na kwana biyar zuwa bakwai kafin a aika wasiƙa. Ki ajiye takarda da biro kusa da shimfiɗa, duk lokacin da ya yi barci ko ya farka ki duba agogo ki rubuta a take. Kada ki bari sai da safe, domin uwar da ta tashi sau huɗu cikin dare takan rantse sau goma ne. Barcin rana ma a rubuta shi, har da wanda ya yi a goye kina wanke-wanke, don shi ne aka fi mantawa a lissafi. Ga misalin wasiƙar da irin wannan rubutu ke haifarwa:

"Assalamu alaikum, Likita. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina neman shawara ne a kan ɗana mai wata shida. An haife shi da nauyin kilo 3.2, a awon da aka yi masa makon jiya yana da kilo 7.4. Nono yake sha, sai 'yan kwanakin nan na fara ba shi kunu da cokali sau biyu a rana. Ina kwantar da shi wajen ƙarfe 8:30 na dare bayan Isha'i, kuma a kan nono yake yin barci. Yana farkawa wajen ƙarfe 11, da 1, da 3, da 5, kowane tashi kamar minti 15. A biyu daga ciki yana sha sosai ina jin haɗiyarsa, a sauran biyun tsotsa kawai yake yi ya koma. Yana tashi gaba ɗaya ƙarfe 6:30. Da rana yana barci daga 9 zuwa 10:30, daga 1 zuwa 2:30, sai rabin awa a bayana wajen ƙarfe 5. Ba zazzaɓi, ba tari, yana jiƙa nafkin aƙalla sau shida a yini, yana wasa da dariya. Tambayoyina uku ne. Surukata ta ce nonona ne bai ishe shi ba, in dama masa kunu mai kauri da dare, shin hakan zai taimaka? Ya fara juyawa rub da ciki cikin barci, in riƙa juyo shi? Maƙwabciyata ta ce haƙori ne, ta nuna mini wani maganin ruwa da ke sa yara barci, in ba shi? Na gode, Allah ya saka da alheri."

Da wannan a hannu likita zai fara da lissafi, kuma ke ma za ki iya yi kafin shi. Daga 8:30 na dare zuwa 6:30 na safe awa 10 ne, a cire awa guda ta tashe-tashe, saura awa 9. A haɗa da awa 3 da rabi na rana, ya zama awa 12 da rabi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce jariri ɗan wata 4 zuwa 11 yana buƙatar awa 12 zuwa 16 a cikin awa 24, har da barcin rana. Ke nan yaron yana samun barcinsa. Wadda ba ta samu ita ce uwar, kuma wannan ma abin faɗa wa likita ne ba tare da jin kunya ba, musamman in ta fara kuka haka kawai ko ta ji komai ya fita ranta.

Layin da ya fi kowane muhimmanci a wasiƙar nan shi ne "a kan nono yake yin barci". Barcin jariri zagaye-zagaye ne, kowane zagaye bai fi kamar awa ɗaya ba, kuma a ƙarshensa barcin kan yi sauƙi har yaro ya ɗan farka. Mu manya ma muna yin haka, sai dai mukan gyara kwanciya mu ci gaba ba mu sani ba. Yaron da ya saba barci ya ɗauke shi da nono a baki, idan ya farka ya tarar babu, sai ya nemi a mayar masa da abin da ya sani. Tashin da uwar nan ta ce tsotsa kawai yake yi ya koma, irin wannan ne. Sauran biyun da ake jin haɗiya kuwa yunwa ce ta gaske, kuma ɗan wata shida mai shan nono ya tashi sau ɗaya ko biyu ya sha da dare ba wani abin damuwa ba ne.

Gyaran sai a fara shi daga kwanciyar farko ta dare, ba daga tsakar dare ba lokacin da kowa ya gaji. Ki shayar da shi tun da sauran haske a ɗaki, idan idonsa ya fara lumshewa ki zare nonon a hankali, ki canja masa nafkin ko ki goge masa jiki, sannan ki kwantar da shi yana jin barci amma bai yi nisa ba. Ki ɗora hannu a ƙirjinsa, ki yi masa 'yar murya ƙasa-ƙasa ko addu'ar da kika saba. In ya yi kuka sosai ki ɗauke shi ya natsu ki sake kwantarwa. Cikin dare kuma, in kin ji motsi da 'yar ƙara, ki dakata minti ɗaya ko biyu kafin ki taɓa shi, don sau da yawa bai ma farka ba, ɗaukar ce ke tashinsa. Kada ki kunna fitila mai haske ko ki yi masa wasa. Daren farko da na biyu sukan fi na da wahala, kuma a nan ne yawanci ake sarewa. A ba abin mako ɗaya zuwa biyu kafin a yanke hukunci. Wadda kuma tashin bai dame ta ba, babu laifi ta ci gaba da shayarwa yadda take yi. Ba cuta ake magani ba, sabo ne ake canjawa.

Tambayar suruka awo ya riga ya amsa ta. Yaron da aka haifa da kilo 3.2 yanzu ya haura ninki biyu, kuma yana fitsari sau shida a yini, nono yana isarsa. Kunu ya dace a wata shida, a fara da cokali biyu ko uku sau biyu a rana a riƙa ƙarawa, amma don girma ake bayarwa, kuma cika masa ciki da dare ba ya tabbatar da dogon barci. Abin da ya kamata a guje wa shi ne zuba kunu a fida a faɗaɗa hudar, ko ɗura, domin yana iya shaƙewa. Zuma ma kada ta shiga bakinsa sai ya cika shekara. Ita surukar kuma a nuna mata katin awo cikin ladabi, ya fi gardama sauƙi.

Maganar juyawa gajeriya ce. Kullum a kwantar da shi rigingine har ya shekara. In ya iya juyawa da kansa daga baya zuwa ciki da kuma daga ciki zuwa baya, ba sai kin kwana kina juyo shi ba; in ɓangare ɗaya kawai ya iya, ki mayar da shi in kin gani. Daga yanzu a daina naɗe shi da zane, katifa ta zama mai ƙarfi, ba filo, ba bargo mai nauyi, kuma gefen gidan sauro a cusa shi da kyau nesa da fuskarsa. Lokacin sanyi kada a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki.

Tambaya ta uku ce ta fi ba ni tsoro. Amsar ita ce a'a, kuma gara da aka tambaya kafin a ba shi. Yawancin magungunan ruwa da ake cewa suna sa yara barci na mura ne ko na ƙaiƙayi, kuma irin su promethazine an hana ba wa yaron da bai kai shekara biyu ba saboda yana iya danne numfashi. Masu shekaru za su tuna maganin haƙori na My Pikin da aka samu gurɓatacce a Nijeriya a 2008, wanda ya lalata ƙodar yara, hukumomi suka ƙirga mutuwar 84. Fitar haƙori na iya kawo yawu da cije-cije da ɗan rigima na 'yan kwanaki. Ba ya kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa mai yawa, kuma cewa "ai haƙori ne" ya sha jinkirta kai yaro mai maleriya asibiti. In maƙwabciya ta nuna miki kwalba, ki rubuta sunan da ke jikinta a wasiƙar yadda yake.

Akwai abubuwan da ba a zama a rubuta musu wasiƙa. Idan zafin jikinsa ya kai 38, ko ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko barcin ya yi nauyin da tashinsa ke wuya kuma jikinsa ya saki, asibiti za a nufa a ranar, ko da tsakar dare ne. Haka in kin ƙirga numfashinsa na minti guda yana kwance a natse kika samu 50 ko fiye, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko numfashin ya tsaya na daƙiƙa 20, ko leɓɓansa suka canja launi. Minshari mai ƙarfi kowane dare, da yawan jan kunne tare da kuka in an kwantar da shi, da nauyin da ya tsaya a kati, su kuma a sa su a layin farko na wasiƙar a nemi ranar ganin likita.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ki fara rubutun yau da dare. Ki taƙaita tambayoyinki zuwa uku, ki sa wadda ta fi damunki a gaba, kuma ranar da za ki je ki haɗa takardar da katin awonsa.