A Ina Zan Ajiye Kyamara Idan Labarin na Yaro Ne?

Wani matashin darakta ya aiko da tambaya. Ya ce: "Malam, na ɗauki gajeren fim na minti 8 a kan wata yarinya 'yar shekara 7 da uwarta ta aike ta kai niƙa, kuɗin ya faɗi a hanya, ta rasa yadda za ta koma gida. Yarinyar ta yi ƙoƙari ƙwarai, har hawaye ta zubar. Amma da na zauna tacewa sai na ga duk wanda ya kalla tausayinta kawai yake ji, babu wanda gabansa ya faɗi tare da nata. Mene ne ban yi daidai ba?"

Ƙanena, tun ban ga fim ɗin ba ina da yaƙinin inda matsalar take. Mai ɗaukar hotonka a tsaye ya yi aikin, kyamara a kafaɗa ko a kan ƙafa ukun da aka buɗe daidai tsayinsa, wato gilashin kyamarar yana wajen santimita 150 zuwa 160 daga ƙasa. Idon yarinya 'yar shekara 7 kuwa yana kusa da santimita 110. Wannan tazara ta kusan rabin mita ita ta mayar da mai kallo wani babban mutum da ya tsaya a gefen hanya yana leƙen yarinyar daga sama. Abin da yake gani shi ne tsakiyar ɗankwalinta da ƙasar da ke bayanta. Daga can sama tausayi ake ji. Idan kana so a ji tsoron da take ji, dole mai kallo ya sauko inda idonta yake.

Don haka aikin farko na tef ɗin tela ne. Ka tsayar da yarinyar da takalmin da za ta sa a fim ɗin, ka auna daga ƙasa zuwa idonta, ka yanke sanda daidai wannan tsayi. Sandar za ta riƙa tsaya mata a duk lokacin da ake saita kyamara da haske, ita kuma ta zauna a inuwa kusa da mahaifiyarta ko yayarta, domin yaron da aka gajiyar da tsayuwa kafin a fara ɗauka ba ya bayar da komai. Tsakiyar gilashin kyamara ake daidaitawa da kan sandar. Mutane da yawa suna auna gindin kyamarar, sai a wayi gari an haura da santimita goma ba a sani ba.

Kuskuren da na fi gani bayan an yarda a sauko shi ne haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: saukar da kyamara, da ɗaga bakinta sama. Sai ka ga an ajiye kyamara a ƙasa an karkata ta tana kallon sama a kowace ɗauka, wai don manya su zama ƙatta. Sakamakon shi ne garu ya karkace, ƙofofi su tsuke daga sama, kowa ya koma dodo har da uwar yarinyar. Yaro ba haka yake ganin duniya ba. Gabansa yake kallo kamar kowa, sai dai gaban nasa cike yake da ƙugu, hannuwa, aljihu, bakin teburin mai shago da sirdin babur. Daraktan Japan Yasujiro Ozu ya yi suna da ajiye kyamara ƙasa ƙwarai, amma a miƙe take, tana kallon gabanta, kuma yawanci da gilashi mai lamba 50. Shi ya sa ɗakunan finafinansa suke zaune daram, ba sa zama abin tsoro. Ka sauko, amma ka bar kyamarar a miƙe, ka adana ɗaga kai har sai lokacin da yarinyar da kanta ta ɗaga nata.

Akwai hanyar gwadawa cikin minti biyu. A lungun da ƙasarsa take a baje, ka sa alama da alli a jikin garu daidai tsayin sandarka, ɗaya kusa, ɗaya can nesa. Idan gilashin yana daidai tsayin, alamomin biyu za su faɗa kan layi ɗaya a hoton. Idan kyamarar a miƙe take, layin zai ratsa tsakiyar hoton, kusurwoyin gine-gine kuma za su tsaya tsaye ba jingina.

Yanzu mu shiga wurin mai injin niƙa, domin a nan fim ɗinka zai tashi ko ya faɗi. A ce mai injin tsayinsa santimita 170, yarinyar ta tsaya gabansa da ƙwaryar dawa, ta lalubi bakin zanenta ta ji babu kuɗi. Kyamara tana santimita 110, a miƙe, da gilashi mai lamba 50 a kan kyamarar da cikinta ya kai girman tsohon fim na milimita 35. Daga nisan mita ɗaya da rabi, hoton zai kama wajen santimita 60 daga sama zuwa ƙasa, wato daga 80 zuwa 140. Ma'ana, mai injin zai yanke a ƙirji. Abin da ya rage a hoton shi ne rigarsa da gari ya yi wa fari, da tafin hannun da ya miƙo yana jiran kuɗi. Muryarsa tana zuwa daga sama, daga inda ba a gani: "Ke, ina kuɗin? Mutane na jira." Wannan hannu da aka miƙo ya fi kowace fuskar fushi razanarwa, saboda mai kallo bai san ko mutumin ya ɗaure fuska ko bai ɗaure ba, kuma ita ma ba ta sani ba tunda ta sunkuyar da kai. Idan ka ja baya zuwa mita 2, layin saman hoton zai faɗa wajen haɓarsa, wanda yake kama da kuskure. Ko dai ka yanke a ƙirji yadda kowa zai san da gangan ne, ko ka bar fuskar gaba ɗaya. Da waya kake ɗauka? Babban gilashin yawancin wayoyi faɗi gare shi, don haka ka zaɓi 2x, ka kuma guji 0.5x, wanda ke kumbura duk abin da ya matso kusa.

Wannan ya kai mu ga shawarar da ta fi kowacce nauyi: wa za ka ba fuska? A fim ɗin E.T. na 1982, Steven Spielberg da mai ɗaukar hotonsa Allen Daviau sun riƙe kyamara a tsayin yara, kuma a babban ɓangaren farko na fim ɗin, ban da uwar yaran, da wuya ka ga fuskar wani babba sosai. Mutumin da ke farautar baƙon halittar da makullan da ke rataye a ƙugunsa ake gane shi. Ka yi wa naka labarin irin wannan lissafi a takarda kafin ka fita. Ni a ganina uwar ta samu fuska tun a fitowar farko, saboda a zaune take a kan tabarma tana ƙulla kuɗin a bakin zanen 'yarta, idonsu ɗaya. Mai injin, mai babur da matan da ke layi su zauna a hannuwa da ƙafafu. Sannan idan wata tsohuwa ta lura da yarinyar, ta sunkuyo har fuskarta ta shigo cikin hoton daga sama tana cewa "Jikata, me ya faru?", mai kallo zai ji sauƙi a jikinsa, domin ita ce baƙuwar farko da ta sauko tsayinmu. Ba sai ka sa kiɗan tausayi ba.

A nan al'adarmu ma tana taimakonka. 'Yar da aka yi wa tarbiyya durƙusawa take yi ta gaida babba, ba ta kuma zuba masa ido. Idan ta durƙusa gaban mahaifinta don ta faɗi abin da ya faru, ka sake aunawa, za ka tarar idonta ya dawo wajen santimita 70. Kyamara ta bi ta can. Takalminsa da ke gefen tabarma, da carbin da ya daina motsi a hannunsa, su ne labarin. Ɗaga kanta na farko ta dube shi, nan ne wurin karkata kyamara sama, sau ɗaya.

Kada kuma ka mayar da kyamarar idon yarinyar daga farko har ƙarshe. Idan komai ta idonta ake gani, ita kanta ta ɓace, kuma ba a damuwa da wanda ba a gani. Tsarin da ya fi aiki shi ne fuskarta tana kallo, sai abin da take kallo, sai a dawo fuskarta, duka a tsayi ɗaya. Ka haɗa da ɗauka daga bayan kafaɗarta, inda gefen ɗankwalinta yake a kusurwar hoton, lungu kuma ya miƙe a gabanta.

Ka kula da inda idanu suke kallo, don nan ake kama masu gaggawa. Idan tazarar idonta da na babba rabin mita ce, a nisan mita 1 sai ta ɗaga ido wajen digiri 27, a nisan mita 3 kuwa ƙasa da digiri 10. In ka ɗauki fuskarta ita kaɗai alhali ɗan wasan da take magana da shi ya tafi salla, kada wani ya tsuguna kusa da kyamara yana karanta mata maganarsa, domin wanda ya tsuguna za ta kalla, a tacewa kuma sai ta zama tana magana da cibiyar mutum. Ka liƙa alama a sanda daidai tsayin idonsa da nisansa. Shi ma idan shi kaɗai ake ɗauka, sandar tsayinta zai kalla.

Saukowa tana da farashinta. Duk lokacin da ka karkata sama a waje, sararin sama mai haske zai zauna a bayan kan mutum, fuskarsa ta yi duhu. Ka tsayar da shi gaban garu ko ƙarƙashin rumfa, ka ɗauka da sassafe ko bayan la'asar, ka sa wani ya riƙe farin kwali yana mayar masa da haske. A cikin ɗaki kuwa rufin kwano, wayoyin lantarki da makirfon da aka rataye duk za su leƙo, sai ka duba saman hoton kafin kowace ɗauka. Ƙasa ma yanzu tana cikin labari, ledar da kake so a gani ka bar ta, igiyar janareta ka kawar.

Sai tafiya. Idan za a bi ta tana komawa baya tana neman kuɗin, mai ɗaukar hoto ya riƙe kyamarar ta mariƙin sama, a rataye daidai tsayin sandar, ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya gajarta takunsa ya dace da nata. Ka sa mutum ɗaya yana duba tsayin daga gefe, saboda hannu yana gajiya, kuma kafin a kai ƙarshen lungu kyamarar takan lallaɓa ta hau sama ba wanda ya lura.

Ɗauka ɗaya daga sama ta halatta, idan ka jinkirta ta. Bayan minti biyar muna ƙasa tare da ita, a lokacin da ta fid da rai ta tsaya cik a mararraba, ka hau soro ka nuna ta 'yar mitsitsiya a tsakiyar mutane, na ɗan daƙiƙa uku ko huɗu, sannan ka koma santimita 110 kafin tsohuwar ta iso.