Majinar Yaro da Kwanon Wanke Hannu

Duk hunturu aikina a asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu kusan iri ɗaya ne. A kawo yaro da mura ranar Litinin, kafin Juma'a uwar ta dawo da ƙaninsa, ita ma muryarta ta dushe. Wata mai 'ya'ya huɗu ta ce mini, "Malama, sanyi ne ya kama mu duka." Na ce ta faɗa mini yadda suke wuni a gida.

Da safe ta share wa mai murar majina da bakin zaninta, ta juya ta gutsura wa ƙaramin ƙosai da wannan hannun. Da rana a ajiye kwano ɗaya na ruwa, kowa ya tsoma hannu ba sabulu, ƙaramin ne na ƙarshe, sannan a goge da tsumma ɗaya. Na ce mata, "Maman yara, ga hanyar da murar ke bi."

Ƙwayar cutar tana cikin majina, kuma takan yi sa'o'i da ranta a kan hannun buta, kofi ko waya. Daga nan yatsa ya ɗauka ya kai ido ko hanci. Mai mura ya fi yaɗa ta a kwana biyu zuwa uku na farko, wanda ya ɗauka kuma sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake fara atishawa. Shi ya sa lokacin wanke hannu da na fi nace wa iyaye a kai shi ne da zarar an fyace ko an share wa yaro hanci, kafin a taɓa komai. Sai kuma kafin girki da ba jariri nono.

Wankin kuwa zubawa ake yi, ba tsomawa ba. Wani ya riƙe buta, ki jiƙa hannu, ki sa sabulu ko da na wanki ne, ki cuɗa na daƙiƙa 20. Inda nake ganin ana tsallakewa kullum shi ne babban yatsa, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, alhali da babban yatsa da manuniya ake fyace hanci. Ki ɗauraye, ki bar hannun ya sha iska idan babu tawul mai tsabta. Idan yawan wanki ya busar da fata, a shafa man kaɗanya, domin yaron da hannunsa ya tsage gudun sabulu yake yi.

Wanke hannu ba ya tare abin da atishawa ke watsawa a iska cikin ɗaki rufaffe, don haka rage yaɗuwa yake yi kawai. Na ce matar ta ware wa mai murar ƙyallensa da kofinsa, ta koya masa yin atishawa a lanƙwasar gwiwar hannu, ta kuma ajiye sabulu kusa da butar tsakar gida.