Suna Ko Lamba: Da Wanne Za Ka Tura Wa Kwastomominka Saƙo?

Aikina shi ne tura wa 'yan kasuwa da makarantu saƙon tes mai yawa a lokaci guda, kuma kusan duk wanda ya zo wurina so yake sunan shagonsa ya fito a wayar mutane kamar yadda na banki ke fitowa. Yana da gaskiyarsa, domin mutum ya fi saurin buɗe saƙon da ya ga suna a kai. Amma kafin mu fara, nakan tambaye shi: kana jiran amsa?

Dalili kuwa, suna ba layi ba ne. Ba a kiransa, ba a mayar masa da amsa. Wani mai sayar da taki ya taɓa rubuta wa manomansa cewa kaya sun iso, mai so ya amsa da "EH" a ajiye masa buhu. Saƙon ya shiga, amma shiru kake ji. Wasu wayoyin ba su ma buɗe wurin rubutu ba, wasu kuma an rubuta an tura, ya ƙi tafiya. Shi yana zaton ba a so, su kuma suna zaton ya yi watsi da su. Gyaran bai fi layi ɗaya ba: ya sa lambar shago a cikin saƙon, ya ce a kira nan.

Sunan kuma ba ya wuce harafi 11, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma ba ya ɗaukar ƙ, ɗ ko ɓ. A Najeriya sai an yi masa rajista da kamfanonin layi, don haka kada ka bari sai jajiberin Sallah. Idan ka ga saƙo ya shiga MTN bai shiga Airtel ba, fara duba rajistar. Kada kuma ka ɗauka suna zai tsallake maka wanda ya tura STOP zuwa 2442 don toshe talla. Tallarka ba za ta same shi ba.

Ita lamba ana kiranta, ana amsa mata, a ajiye ta a waya. Sai dai in ba a san ta ba, da yawa za su ɗauka 'yan damfara ne, musamman in an ambaci kuɗi. Wanda kuma ya ɗauki layinsa na aljihu yana ta watsa saƙo iri ɗaya ga ɗaruruwan mutane, yana iya wayar gari an toshe layin.

Sanarwa zalla, kamar ranar komawa makaranta ko shaidar biyan kuɗi, tura ta da suna. In ciniki kake so a yi, tabbatar akwai lamba, akwai kuma mai ɗaga wayar.