In Hukuma Ce Ta Wallafa Littafi, Ina Za A Sa Sunanta?

Ran nan ina duba rubutun wani ɗalibina na ajin ƙarshe, sai na ga ya kawo yawan yaran da suka isa shiga makaranta, ya sa NPC da shekarar 2006 a gefe, watau daga nan ya samo. Na juya baya wajen jerin littattafan da ya duba, na bi harafin N daga sama har ƙasa, ban ga kome ba. Na kira shi na tambaye shi. Ya ce, "Ai Malam, ga shi nan a ƙarƙashin H, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa." Na ce masa, "To, ni na kira ka na tambaya. Mai jarrabawa na waje fa, wa zai tambaya? Sai ya ɗauka ƙaga lissafin ka yi, ya rage maka maki."

Ga ƙa'idar da nake so ku riƙe. Sunan da kuka sa a cikin rubutu, shi zai kai mai karatu ga wurin da littafin yake a jeri. In harafin farko na wannan ya saɓa da na wancan, aikin ya ɓaci. Sauran abin da zan faɗa duk daga nan ya fito.

Da fari sai ku tabbata hukumar ce mawallafiya. Ku buɗe shafin da sunan littafi yake. In akwai sunan mutum, shi ne mawallafi, hukuma kuwa mai bugawa ce kurum. In babu, kuma abin da ke ciki maganar hukumar ce, kamar rahoton shekara ko manhaja ko sakamakon ƙidaya, to, sunanta ne zai hau wurin mawallafi. Kada ku ɗauki sunan ministan da ya sa hannu a gabatarwa, ba shi ya rubuta ba.

Sa'an nan ku kwafi sunan yadda aka buga shi. Kada ku fassara, kada kuma ku sabunta. Ɗalibin nan yana da wani tsohon rahoto na Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Gongola, sai ya rubuta Adamawa, wai don babu Gongola yanzu. Gaskiya ne an raba Gongola a 1991, aka sami Adamawa da Taraba. Amma rahoton Gongola ce ta yi shi, kuma lissafin da ke ciki ya haɗa har da makarantun da yau suke Taraba. Wanda ya je ɗakin karatu neman rahoton Adamawa na wancan zamani ba zai same shi ba, don ba a taɓa yin sa ba. Haka hukumar manhajar karatu da ake kira NERDC, a 1988 aka kafa ta, aka haɗe wasu hukumomi a cikinta, har da NERC. Littafin da NERC ta fitar kafin nan yana nan da sunanta.

To, sai maganar ma'aikatu. Kowace jiha tana da Ma'aikatar Ilmi, Gwamnatin Tarayya ma tana da tata. In ka rubuta Ma'aikatar Ilmi kawai, kamar ka shiga kasuwa ne ka ce ana kiran Malam Audu. Sabo da haka masu tsara ɗakunan karatu sukan fara da sunan ƙasa ko jiha, su sa aya, sa'an nan su kawo ma'aikatar. Misali: Gongola. Ma'aikatar Ilmi. Ta haka duk takardun gwamnati guda sukan taru wuri ɗaya. Akwai wata hanya kuma, wadda take barin sunan a jere yadda ake faɗinsa. Duka biyu daidai ne, ku tambayi wadda sashenku yake bi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a gauraya, rabi haka rabi haka. Hukumar da sunanta ya ishe ta, ba ta da takwara, kamar Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ta bukatar a sa mata sunan ƙasa a gaba.

Yanzu mu koma ga NPC ɗin nan. Laifin taƙaita suna shi ne haruffa kaɗan ne, masu su da yawa. Dattijon da ya ga zamanin Sardauna, in ya ji NPC, jam'iyyar da ta yi mulkin Jihar Arewa har 1966 zai tuna. Mai karatun tattalin arziki zai tuna Hukumar Tsare-tsare ta Ƙasa, ita ma da haruffan nan aka san ta. Ɗalibina kuwa Hukumar Ƙidaya yake nufi. Maganin abin shi ne, karo na fari da za ka ambaci hukuma a cikin rubutu, ka kawo sunanta cikakke, ka bi shi da taƙaitaccen. Daga nan ka yi ta amfani da taƙaitaccen, kada ka sake shi. In sau ɗaya ko biyu kaɗai za ka ambace ta, kada ma ka taƙaita. In kuwa hukumomi biyu masu haruffa iri ɗaya suka haɗu a rubutunka, ka bar kowace da cikakken sunanta. A jerin baya cikakken suna ake sawa, kuma da shi ake jerawa.

Bari mu jera na ɗalibin nan tare. Takardu huɗu gare shi: Manufar Ilmi ta Ƙasa bugun 2004, da sakamakon ƙidayar 2006, da rahoton Gongola, da wani na Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Filato. Da ya fassara sunayen, biyu sun faɗa ƙarƙashin M, ɗaya H, ɗaya kuma ya sa ta a G, wai Gwamnati. Amma dukansu da Turanci aka buga su, don haka sunan Turancin muka bi. Manufar Ilmi tana ɗauke da sunan Tarayyar Nijeriya, wanda a Turanci da F yake farawa, ita ce ta fari. Gongola ta biyo a G. Hukumar Ƙidaya ta koma N, daidai inda na neme ta tun farko. Filato kuwa da P ake rubuta ta a Turanci, sai ta zama ta ƙarshe. A cikin jimlolinsa ya ci gaba da kiran hukumomin da Hausa, amma wajen nuna inda ya samo magana, sunan da ke jeri yake sawa.

In littafin da Hausa aka buga sunan hukumar, sai ku bi abacadan Hausa, ku tuna b tana gaban ɓ, d tana gaban ɗ, k tana gaban ƙ. In sunaye da yawa suka fara da Hukumar, kalma ta biyu ce za ta raba gardama.

Kafin ku miƙa aikinku, ku ba abokinku jerin, ku riƙa karanta masa sunayen da ke cikin rubutu ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya tsaya yana lalube, ko ya ce, "A wane harafi yake?", to, nan gyara yake.