Amfanin Rage Uwar Bashi Tun da Wuri

Ruwan bashi bisa abin da ya saura na uwar kuɗi a ke lissafa shi. Saboda haka fam ɗin da aka biya da wuri ya fi na baya amfani ƙwarai.

Ga misali. A ce mutum ya ranci fam 1,000, zai biya cikin shekara 20, ruwa biyar bisa ɗari. Biyansa fam 80 ne da 'yan kai kowace shekara, duk ruwan kuwa wajen fam 605. A shekarar farko fam 50 ruwa ne, fam 30 kaɗai ke rage uwa.

To, in ya ƙara fam 100 a ƙarshen shekarar farko, ya ci gaba da biyansa yadda ya saba, bashin zai ƙare a shekara ta 17. Biyan shekara uku ya faɗi ke nan, watau fam 240. A ɗebe ɗarin da ya ƙara, ya tsira da fam 140. Amma in ya dakata sai ƙarshen shekara ta 15, fam 25 kurum zai tsira da shi, don sauran shekarun da ɗarin nan zai haifi ruwa kaɗan ne.

Sai dai a duba takardar yarjejeniya tukuna. In an yanke ruwan duka tun farko bisa fam 1,000, ƙarin ba ya rage kome. Waɗansu masu ba da rance kuma su kan ci tarar mai biya kafin wa'adi.