Darasin Lafiya: Daga Bakin Rijiya Zuwa Bakin Mutum

Idan damina ta yi tsakiya a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, gonaki sukan yi kyau, rijiyoyi su cika, amma a daidai wannan lokaci ne amai da gudawa yakan shigo gari. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. A darasinmu na wannan karo za mu bi sawun ruwan da muke sha, tun daga rijiya har zuwa bakinmu, domin mu ga wuraren da cuta take shiga da kuma yadda za a tare mata hanya.

Abin da ya faru a baya

Cutar kwalara ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A shekarar 1991 ta kashe mutane fiye da 7,000 a Nijeriya. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙidaya mutane fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu, da fiye da 3,600 da suka rasu, kuma Katsina tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Sa'ad da annobar ta auka wa birnin Kano a 1996, masu bincike sun gwada waɗanda suka kamu da waɗanda ba su kamu ba. Sun tarar cewa marasa lafiyar sun fi shan ruwan da ake talla a titi, kuma ba su cika wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ba. Ruwan sha da hannu ke nan, su ne ƙofofi biyu na wannan cuta.

Ƙwayar kwalara tana fitowa ne daga bayan gidan mutum, ta shiga cikin wani ta baki. Abin da ya sa take da wuyar tsarewa shi ne, yawancin waɗanda take jikinsu ba sa kwanciya ciwo. Suna tafiya kasuwa, suna ɗebo ruwa, suna tuƙa tuwo, alhali ƙwayar tana fita tare da bayan gidansu har tsawon kwanaki. Saboda haka ba za mu jira sai mun ga majiyyaci kafin mu yi hattara ba.

Rijiya da guga

Ruwan sama mai ƙarfi na watan Agusta yakan wanke duk abin da yake bisa ƙasa, har da kashin yara da na waɗanda suke zagayawa bayan gari, ya kai shi wuri mai gangare. Rijiyar da bakinta yake daidai da ƙasa takan karɓi wannan ruwa kai tsaye. Alamar haka ita ce, ruwan rijiya ya yi jawur ko ya gurɓace washegarin ruwan sama. Maganinsa a ɗaga bakin rijiya da gini, a yi mata murfi, a daɓe kewayenta da siminti yadda ruwan da ya zube zai gangara waje. Masai kuwa ya kamata ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, wato wajen taku 40 na babban mutum, kuma kada ya kasance a tudu rijiya tana gangare.

Ko da rijiya ta ginu da kyau, guga tana iya ɓata ta. Inda kowane gida yake zuwa da tasa guga, ya yar da igiya cikin taɓo, sa'an nan ya zura ta, to, ƙazantar takalman unguwa duka tana shiga rijiyar. Gara a bar guga ɗaya da igiya ɗaya a bakin rijiya, a kafa itace inda za a riƙa rataye su. Wannan ya fi zama tilas a garuruwan da suka karɓi 'yan'uwanmu waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, inda rijiya ɗaya da masai ɗaya suke ɗaukar jama'ar da ta fi ƙarfinsu.

Randa da moɗa

A nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Mace za ta yi tafiya mai nisa ta ɗebo ruwa mai kyau daga rijiyar burtsatse, ta juye a randa. Yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauki moɗa daga ƙasa, ya tsoma ta tare da yatsunsa, ya sha, ya mayar da ragowar. Kafin la'asar hannu goma sun shiga randar. Ruwan yana nan garau da sanyinsa, domin ido ba ya ganin ƙwayar cuta, amma ya riga ya ɓaci.

Ba mu ce a yar da randa ba. A yi mata murfi, a samo ludayi mai dogon hannu wanda za a riƙa ratayewa a bango, a ɗebi ruwa da shi a zuba a kofi. Kada a sha da abin da ake ɗiba. In da hali, ruwan sha ya zauna a jarka mai ƙaramin baki, wadda hannu ba ya shiga, a riƙa tsiyayawa.

Misalin gida ɗaya

Bari mu ɗauki gida mai mutum goma, wanda yake ɗibar ruwa daga rijiya marar murfi a watan Agusta. A ce suna bukatar jarka biyu a yini domin sha da girki, ruwan kuma ya zo da laka.

Da farko a bar ruwan ya kwanta, ko a kaɗa alif kaɗan a ciki, sa'an nan a tsiyaye na sama a tace shi da tsumma mai tsabta wanda aka ninka. Mu lura da kyau, alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta gaba ɗaya. Mutane da yawa sukan tsaya a nan domin ruwan ya yi fari, wannan kuwa kuskure ne.

Na biyu, a kashe ƙwayar. Hanya ɗaya ita ce tafasawa: a bar ruwan ya yi ta ɓararraka na tsawon minti ɗaya, ba ɗumi kawai ba, ya huce a rufe cikin tukunyar. Amma tafasa jarka biyu kullum yana cin itace mai yawa, shi ya sa ƙwayar kulorin da ma'aikatan lafiya sukan raba ta fi sauƙi. Irin wadda aka rubuta miligiram 67 a jikinta an yi ta ne domin lita 20 na ruwa mai haske. Jarkokinmu da yawa lita 25 suke ci, saboda haka kada a cika su, a rage kashi ɗaya cikin biyar. A jefa ƙwaya ɗaya, a rufe, a girgiza, a jira minti 30 cif kafin a sha. Idan ruwan bai washe ba ko bayan tacewa, sai a sa biyu, domin laka tana cinye ƙarfin maganin. Ƙwayoyin suna da girma dabam dabam, don haka a karanta takardar ko a tambayi ma'aikacin asibiti.

Yaya za a san aikin ya yi? Bayan minti 30 za a ji ɗan warin kulorin a bakin jarka. In babu wari ko kaɗan, wataƙila maganin ya tsufa ko lakar ta yi yawa. Sau da yawa tsofaffi sukan ƙi ruwan saboda warin nan su koma ga ɗanye. A bayyana musu cewa warin shi ne shaidar tsabta, kuma yakan ragu in ruwan ya daɗe kaɗan.

Kwanon wanke hannu

Al'adarmu ce a zagaya da kwano ɗaya na ruwa kafin a ci tuwo, babba ya fara, ƙarami ya biyo baya. Ladabi ne mai kyau, amma mutum na ƙarshe yana wanke hannunsa ne cikin dauɗar dukan waɗanda suka riga shi, sa'an nan kowa ya sa hannu a akushi ɗaya. Mu riƙe ladabin, mu sauya hanyar. Yaro ya riƙe buta yana zuba wa kowa ruwa, kwanon kuma ya zama na tarar ruwan da ya zuba. Haka za mu yi a gida, da wurin biki, da zaman makoki, da cin abincin da mukan yi tare bayan taron zumunta.

A jiƙa hannu, a shafa sabulu, a cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na aƙalla daƙiƙa 20, a ɗauraye, a bar shi ya bushe a iska. Kada a goge da zanen da aka yini ana aiki da shi. In babu sabulu, toka mai tsabta daga murhu ta fi ruwa zalla. Lokutan da ba a ƙetarewa su ne bayan fitowa daga masai, bayan wanke wa yaro kashi, kafin girki, kafin ci, da kafin ba jariri abinci. Kashin jariri ba shi da wani tsarki, yana ɗauke da cuta kamar na babba.

Idan cutar ta riga ta shigo

Gudawa mai yawa, fara kamar ruwan wankin shinkafa, tare da amai, ita ce alama. Idanu sukan faɗa, fitsari ya ɗauke, in an tsunkuli fatar ciki ta jima ba ta koma ba. Abin da yake kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma yana iya faruwa cikin sa'o'i kaɗan. Nan take a dama garin ruwan gishiri da sukari na asibiti, ƙunshi ɗaya bisa ga awon da aka rubuta a jikinsa. In babu, a sa sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, duka a shafe ba tozo, cikin lita ɗaya na ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu. Kada ya fi hawaye gishiri. A yi ta ba majiyyaci kurɓi kurɓi ana kan hanyar asibiti, mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono. Kada a jira gari ya waye in akwai hanyar fita lafiya. Cikin waɗanda suka sami magani da wuri, ko ɗaya cikin ɗari ba ya mutuwa.

Tambayoyi domin nazari a ƙungiyoyi

1. Taku nawa ne tsakanin rijiyarmu da masai mafi kusa da ita? Mu je mu auna a wannan mako.
2. Hannu nawa ne yake shiga randar gidanmu a yini ɗaya?
3. Wa zai ɗauki nauyin kawo buta da sabulu a taronmu na gaba?

Allah ya kai mu ƙarshen damina lafiya, mu da 'ya'yanmu da maƙwabtanmu. Amin.