Darasi: Yadda Za Ki Faɗi Lambar Waya Idan Layi Ba Kyau

'Yan uwa mata, lambar waya a Najeriya guda 11 ce, tana farawa da sifili. Idan ɗaya ta kuskure, kuɗin adashinki na iya faɗawa hannun wata.

Kafin ki kira, ki sa a rubuta miki lambar a takarda. Ki raba ta gida uku: huɗu, uku, huɗu. A kowace gaɓa ki tsaya, sai mai karɓa ta maimaita miki.

Ki riƙa faɗin lambobin ɗaya-ɗaya. Idan gaɓar tsakiya 890 ce, ki ce: "takwas, tara, sifili." Kada ki ce "tamanin da tara", domin idan ana hayaniyar kasuwa tamanin da talatin kan yi kama a kunne.

Biyu da biyar ma suna ruɗa mutane. Sai ki ce, "biyar, yatsun hannu ɗaya." Idan lamba ta zo sau biyu, ki ce "bakwai, bakwai kuma."

Da kun gama, ta ƙirga. In ta samu 10, ɗaya ta faɗi, ku sake daga farko. In 11 ce, ta karanto miki duka kina bin takardarki da yatsa. Sannan ta ɗan kira lambar ta ji wa zai ɗauka, kafin a tura ko sisi.